Saƙon da aka goge daga waya: ina yake tafiya, kuma wa zai iya dawo da shi?

Idan mutum ya goge saƙo daga wayarsa, da kuskure ko da gangan, akwai hanyar da za a dawo da shi? Wannan tambaya ba ta rabuwa da teburan masu gyaran waya a Maraɗi, kuma galibi ba a yinta sai rigima ta riga ta taso. Wani an turo masa lambar karɓar kuɗi ya share ta tare da saƙonnin talla. Wani sun yi ciniki ta saƙo, abokin cinikin ya musanta. Wata kuma yaro ne ya karɓi wayarta yana wasa, kafin ta ankara akwatin saƙo ya zama fayau.

Amsoshin da ake ji a gari iri biyu ne. Wasu na cewa ai kamfanin layi yana da kwafin duk abin da ka taɓa rubutawa, sai dai in ba ka san kowa a ciki ba. Wasu na cewa mai gyara in ya jona wayar da kwamfuta, komai zai fito. Duka biyun akwai ɗan gaskiya a gindinsu, amma gaskiyar ta tsufa ko an faɗaɗa ta. A wayoyin yau, saƙon da aka goge yana dawowa ne in akwai kwafinsa a wani wuri tun kafin a goge shi. Aikin duka shi ne gano inda kwafin yake, da hana shi lalacewa kafin a kai gare shi.

Zan bi maganar da abin da ya sami wani kawuna mai sana'ar aya da wake, domin saƙonni 3 ya rasa rana ɗaya, kuma kowanne da inda ya ƙare.

## Wane irin saƙo ake nufi

Ana maganar saƙon tes ne, wanda waya ke kira `SMS`, wanda ke bi ta layi ba tare da data ba. Shi ne hanyar da kamfanonin aika kuɗi da bankuna ke sanar da mutum, shi ne kuma abin da mai ƙaramar waya a ƙauye ke iya aiko maka. Saƙon WhatsApp daban ne. A kulle yake fita daga waya, a kulle yake isa, kamfanin layi ba ya ganin ko harafi ɗaya daga cikinsa, kuma yana da tasa hanyar ajiya. Mutane na haɗa su a baki, sai a je ofishin kamfani ana neman hirar WhatsApp, abin da bai taɓa ratsa hannunsu a buɗe ba.

Ga yadda ta kasance da Kawu. Wani abokin cinikinsa ya karɓi buhu 40 na aya a kan jika 800. Saƙo na farko shi ne wanda mutumin ya rubuto yana amincewa da adadin buhu da kuɗin. Na biyu sanarwa ce daga kamfanin aika kuɗi cewa an turo masa jika 500. Na uku kuma mutumin ne ya rubuto cewa a yi masa haƙuri da cikon jika 300 zuwa ƙarshen wata. Ranar wata Talata Kawu ya gaji da saƙonnin talla da suka cika masa waya, ya zaɓi duka ya share. Da Alhamis ta zo, mutumin ya ce shi iyakar saninsa jika 200 suka rage.

## A fara duba ko da gaske ya tafi

Ba duk saƙon da ya ɓace daga ido ne aka goge ba. A manhajar Google Messages, wadda ita ce ke zuwa a yawancin wayoyin Android na kasuwarmu, in yatsa ya ja hira gefe, ba gogewa take yi ba, ɓoye ta take yi a wani sashe mai suna `Archived`. Akwai kuma sashen da take jefa saƙonnin da take zargi na talla ne ko na zamba, kuma sanarwar kuɗi takan faɗa can. Waɗannan wurare biyu su ne farkon abin dubawa, minti ɗaya ya isa.

Sannan akwai kwandon shara. Manhajar saƙo ta Samsung tana da shi, `Corbeille` in wayar na kan Faransanci, kuma tana riƙe abin da aka goge kwana 30 in an bar shi a kunne. IPhone ma tun daga iOS 16 na shekarar 2022 tana da `Supprimés récemment` ko `Recently Deleted`, inda saƙo ke zama kwana 30, wani lokaci har zuwa 40. Wanda ya sami saƙonsa a nan ya huta. Wayar Kawu ba ta da kwandon, kamar wayoyi da yawa masu Google Messages a lokacin, kuma sashen ɓoyewa babu komai a ciki.

Akwai wata ƙaramar kafa: tun daga Android 11 waya na iya riƙe tarihin sanarwar da suka faɗo a saman allo na awa 24. Sai dai ba a kunne take zuwa ba, kuma kwana 2 sun riga sun wuce. Muka wuce ta.

## Kwafin ajiya da lissafin ranaku 3

A nan ne mafi yawan nasara take, a nan ne kuma mutane ke kashe damarsu da hannunsu.

Wayar Android da aka sa wa adireshin Gmail tana iya kai kwafin wasu abubuwanta can ma'ajiyar Google: saƙonnin tes, tarihin kira, saitunan waya. Allo na kiran wannan `Sauvegarde` ko `Backup`, ni zan ce kwafin ajiya. Ba kullum take yinsa ba. Sai wayar tana kan caji, an ajiye ta ba a taɓa ta kamar awa 2, kuma tana kan wifi, sai fa in mai ita ya ba ta izinin amfani da data. Abu mafi muhimmanci shi ne, kwafi ɗaya ne ga kowace waya. Sabo in ya hau, ya danne tsoho. Ba kamar littafin ɗan kasuwa ba ne da za ka koma shafin watan jiya.

Saboda haka ranaku 3 ake jerawa: ranar da saƙon ya shigo, ranar da aka yi kwafi na ƙarshe, da ranar da aka goge. Kwafin yana da amfani ne kawai in ya faɗo a tsakiya, wato bayan saƙon ya shigo, kafin a goge shi. In an yi kwafin kafin saƙon ya zo, ba ya ciki. In an yi shi bayan gogewa, kwafin akwati ne wanda babu saƙon a cikinsa.

Abin mamaki, rashin wifi a gida yakan zama alheri a wannan harka. Mai wifi a gida, wayarsa na iya yin sabon kwafi a daren da ya goge saƙon, kafin gari ya waye dama ta wuce. Wanda ke sayen data ta kwana ɗaya ko ta mako, kwafinsa yakan daɗe bai motsa ba, sai tsohon ya tsira. Amma ta wani gefen, irin wannan mutum yana iya buɗewa ya tarar ba a taɓa yin kwafin ba sam, ko kuma adireshin Gmail ɗin mai shago ne ya buɗe masa ranar da ya sayi wayar, bai san kalmar sirrinsa ba. Wannan na biyu ya fi yawa a garin nan fiye da yadda ake zato.

Ana ganin ranar kwafi ta ƙarshe a `Paramètres`, sai `Google`, sai `Sauvegarde`, ko makamancinsu a Turanci. A wannan shafi akwai tarkuna biyu. Na farko shi ne maɓallin `Back up now`, wanda ke yin sabon kwafi nan take. Mutum na cikin ruɗu ya ga kalmar ajiya ya danna, yana zaton dawo da kaya zai yi, alhali danne tsohon kwafin ya yi. Na biyu ya fi ɓoyuwa: mai dabara zai ce bari in kashe ajiyar gaba ɗaya don kada ta yi sabo. To kashe ta yana goge kwafin da ke can. Abin da ake yi shi ne a kashe wifi, a tabbatar ba a ba ta izinin yin ajiya da data ba, in za a sa caji da dare a sa wayar a yanayin jirgin sama. Shi ke nan.

A iPhone lissafin ranakun ɗaya ne, da bambanci guda da ya kamata a sani. In an kunna saƙonni a cikin iCloud, ma'ajiyar kamfanin Apple, wannan ba ajiya ba ce, daidaitawa ce tsakanin na'urori. Abin da ka goge a waya ya gogu a can ma, ya gogu a kowace na'ura da ke kan asusun.

## Yadda muka yi da wayar Kawu

Da na buɗe shafin, ya nuna kwafi na ƙarshe kwana 11 da suka wuce. Na tambaye shi inda ya kwana a lokacin.

"Ai a Yamai nake, gidan ƙanena," in ji shi. "Yaransa ne suka sa mini wifinsu."

Saƙo na farko ya shigo kwana 16 da suka wuce, don haka yana ciki. Na biyu da na uku sun shigo kwana 8 da kwana 6 da suka wuce, bayan kwafin. Tun a nan na gaya masa gaskiya: "Kawu, ɗaya za mu samu ta wannan hanya, biyu ba sa ciki."

Matsalar kwafin Google ita ce ba a buɗe shi a karanta. Ko ka shiga asusunka ta kwamfuta, iyaka ka ga cewa akwai shi da girmansa. Ba ya sauka sai a lokacin da ake saita waya daga farko, wato sabuwar waya ko wadda aka wanke tas, abin da masu gyara ke cewa formate. A nan ne shawarar da aka fi ba mutane take da haɗari: a ce ka formate wayarka ka dawo da kwafin. In ka yi haka, duk abin da ya shigo bayan ranar kwafin ya tafi, tare da duk hoto da takardar da ba su hau ko'ina ba. In kuma aka yi rashin sa'a kwafin ya ƙi sauka, ko ka manta kalmar sirrin Gmail, ka yi biyu babu, har wayar ma tana iya ƙin buɗewa sai an sa asusun da ke kanta a da.

Don haka ba mu taɓa wayarsa ba. Muka ari wata waya ta ɗansa wadda ba a amfani da ita, muka kwashe abin da ke cikinta, muka wanke ta. Sharaɗi ɗaya ne a kanta: Android ɗinta kada ya kasa na wayar Kawu, domin kwafin sabuwar waya ba ya sauka kan wadda ta fi ta tsufa. Da ta tashi tana tambayar ko za a kwafo kaya daga wata waya, muka zaɓi kwafin da ke ma'ajiya, muka sa Gmail ɗinsa da kalmar sirri. Google ya nemi tabbaci a wayarsa ta asali, muka kunna data na ɗan lokaci muka amsa. Sai jerin kwafi ya fito da sunan wayarsa da ranar da aka yi shi. Daga nan ta nemi lambar buɗe allon tsohuwar wayar, domin tun daga Android 9 da wannan lamba ake kulle kwafin. Wanda ya manta ta, ko Google ba zai buɗe masa ba.

Muka cire alama daga manhajoji don kada su cinye data, muka bar saƙonni da tarihin kira. Saƙonnin ba su bayyana nan take ba, sai da wayar ta gama saituwa muka ɗan jira. Saƙon buhu 40 a kan jika 800 yana nan, da lambar mutumin da rana da lokaci. Ba mu sa katin sim a wayar ba, ba a bukatarsa.

Wani abin lura ga wanda wayarsa ta ɓata ko aka sace: Google yana share kwafin wayar da ta yi kwana 57 ba a yi amfani da ita ba. Mutum ya ce sai bayan kaka zai sayi wata, ya zo ya tarar babu komai.

## Abin da kamfanin layi yake da shi

Kawu ya so mu wuce ofishin kamfani a ranar. "Su fa suka kawo saƙon, ɗana, ta yaya za a ce ba su da shi?"

Saƙon tes ba ya tashi daga waya zuwa waya kai tsaye. Yana fara sauka a wata na'ura ta kamfani, cibiyar saƙo, wadda aikinta kamar na ɗan aike ne a tasha: ta karɓa, ta nemi mai shi, ta miƙa. In wayar mai karɓa a kashe take ko ba ta da rezo, cibiyar na riƙe saƙon tana sake gwadawa na ƴan kwanaki, in wa'adi ya cika ta zubar. Shi ya sa wanda ya dawo daga daji saƙonni ke zubo masa a tare. Da zarar ta miƙa, aikinta ya ƙare. Ba a gina ta don ta zama rumbun wasiƙun mutane ba.

Abin da kamfani ke adanawa na dogon lokaci shi ne rajistar mu'amala, domin da ita yake lissafin kuɗi: wace lamba ta aika wa wace lamba, wace rana, ƙarfe nawa, daga wace eriya. Wannan ya shafi Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecoms duka, haka tsarin layin salula yake a ko'ina. Rajistar za ta nuna cewa lambar mutumin ta aiko wa Kawu saƙo ranar kaza da yamma. Ba za ta nuna ko ya rubuta jika 300 ko ya rubuta gaisuwa ba.

Ko wannan rajista ma ba a miƙa ta a kan kanta don mutum ya nema. Hanyarta ta hukuma ce: a shigar da ƙara a komisariya ko jandarmeri, in bincike ya bukata, mai shigar da ƙara na gwamnati ko alƙalin bincike ya rubuta wa kamfani takardar neman bayani. Mutane na jin haushin wannan, ni kuwa ina ganin daidai ne. Da a ce duk wanda ya zo da lamba za a buga masa jerin waɗanda ake yi wa saƙo, da magidanta masu zargi da kishiyoyi da abokan hamayyar kasuwa sun rigaya kowa layi. Duk wanda ya ce maka yana da ɗan'uwa a kamfani da zai fito maka da rubutun saƙonnin wani in ka ba da wani abu, kuɗinka yake so.

Wasu na kawo dokar 2020 da ta ba hukuma damar sauraron sadarwa a wasu lamurran tsaro, su ce ai ga shaida ana ajiye komai. Saurare abu ne da ake ɗora wa layi daga wata rana zuwa gaba. Ba ya komawa baya ya tono saƙon da ya wuce makon jiya.

Ga ƴan kasuwar da ke riƙe da layin Najeriya saboda harkar Jibiya da Katsina da Kano, akwai ƙarin nisa. Saƙon da ya shigo ta wannan layi, rajistarsa ta asali tana hannun kamfanin can.

Saƙo na biyu fa? Shi ne mafi sauƙi, kuma a nan mutane suka fi wahalar da kansu a banza. Saƙon da kamfanin aika kuɗi ke turowa sanarwa ce kawai. Kuɗin da kansu suna rubuce a littafin kamfanin, da sunan mai aikawa, da na mai karɓa, da adadi, da lambar mu'amala. Kawu ya je reshen da ya karɓi kuɗin da katin shaidarsa, ya faɗi rana da adadi, aka duba aka tabbatar masa da jika 500 da sunan wanda ya aiko. Wannan ya fi saƙon da ya ɓata ƙarfi a gaban kowa. Haka abin yake ga sanarwar banki da ta asusun kuɗi na waya: a nemi tarihin asusu, a bar saƙon.

## Me ya sa wayar kanta ba ta ba da shi

Saura maganar kwamfutar mai gyara. A da tana aiki, shi ya sa labarin ya zauna a bakin mutane.

Waya tana tara saƙonni a fayil ɗaya, a Android sunansa `mmssms.db`, a iPhone `sms.db`. Ka ɗauke shi kamar littafin bashi na mai shago. A tsofaffin wayoyi, in ka goge saƙo, kamar an ja layi ne a kan sunan mai bashi an ce gurbin nan babu kowa, amma tawadar tana nan har sai an rubuta wani abu a kai. Mai kayan aiki in ya kwafo fayil ɗin, yana iya karanta abin da ke ƙarƙashin layin. Daga nan shawarar nan ta samo asali, cewa in ka goge abu ka daina amfani da wayar.

Abubuwa sun sauya ta fuska uku. Littafin yanzu yana share gurbin da aka bari, yana tattara shafukansa. Ma'ajiyar wayar ita ma, tun daga Android 4.3 na 2013, tana bin wuraren da aka ce babu kowa tana wanke su da kanta lokacin da wayar ke hutawa, don kada ta yi nauyi. Sannan wayoyin da suka fito da Android 10 na 2019 zuwa sama a kulle ma'ajiyarsu take zuwa, ta yadda ko an ciro guntun ma'ajiyar daga cikin waya an ɗora a na'ura, shirme kawai za a gani.

Kuma ko ɗan ɓurɓushin da ya rage, kaiwa gare shi aiki ne. Fayil ɗin yana wani sashe da manhaja ko kwamfuta ba su da izinin shiga. Don a sami izinin sai an yi wa wayar abin da ake kira `root`, wanda a mafi yawan wayoyi sai an fara buɗe `bootloader`, makullin da ke tsare tsarin wayar, shi kuma buɗe shi yana wanke wayar gaba ɗaya. Wato ba a buɗe ƙofar ɗakin sai an ƙone abin da ke ciki. Wayar da aka riga aka formate kuwa, makullin da ke buɗe tsohon kayanta ne aka lalata, babu mai dawo da shi.

Masu binciken laifuka na ƙasashe suna da na'urori masu tsada da ke iya kutsawa wasu wayoyi, kuma wani lokaci sukan tsinci guntun saƙon da aka goge kwanan nan. Ko su sa'a ce, ta danganta da irin wayar da tsawon lokacin da ya wuce. Ba kayan teburin bakin kasuwa ba ne, ba kuma a fito da su saboda cikon kuɗin aya.

Ban ce masu gyara maƙaryata ne ba. Na kirki a cikinsu abin da suke yi shi ne abin da na zayyana a sama: su duba kwandon shara, su duba kwafi, su sauke shi a wata waya, kuma wannan aiki ne da ya cancanci lada. Alamar wanda ya san aiki ita ce zai tambaye ka ranar da ka goge da ko kana da Gmail kafin ya faɗi kuɗi. Wanda ya ce kawo kawai, komai zai fito, ka riƙe wayarka.

Manhajojin da ake tallatawa da sunan dawo da saƙo su ma haka. Ba su da izinin shiga inda ɓurɓushin yake, don haka abin da suke nuna maka bayan dogon bincike na ƙarya shi ne saƙonnin da dama suna nan, sannan su nemi kuɗi. Waɗanda ake turawa hannu da hannu daga waya zuwa waya sun fi muni, domin izinin karanta saƙo da ka ba su shi ne izinin karanta lambobin sirri da banki da asusun kuɗinka ke turowa.

## Ƙananan wayoyi da katin sim

Mai ƙaramar waya mai madannai ba shi da Gmail ba shi da kwandon shara, amma yana da wata ƴar dama da babbar waya ba ta da ita. Irin waɗannan wayoyi sukan ajiye wasu saƙonni a kan katin sim, wanda ke da gurabe kaɗan, ƴan gomomi. Kowane gurbi yana da alama a farkonsa da ke cewa akwai saƙo ko babu. Wasu wayoyin in an goge, alamar kawai suke sauyawa, rubutun na nan sai sabon saƙo ya hau kansa, kuma ana iya karanta shi da ƴar na'urar karanta sim. Wasu kuma share gurbin suke yi duka. In saƙon na da muhimmanci, a cire katin nan take, domin saƙon talla ɗaya ya isa ya cike gurbin. Zuwa kamfani a sake yanko layin ba ya taimakawa: lamba ce ke dawowa a sabon kati, ba abin da ke cikin tsohon ba.

## Saƙo na uku

Shi bai dawo ba. Ba ya cikin kwafi, kamfani ba shi da rubutunsa, wayar kuma ta shafe shi. Kwafinsa ɗaya da ya rage a duniya yana cikin wayar wanda ya aiko shi, a jerin abin da ya tura, in bai goge ba. Mutane kan manta da wannan: kowane saƙo waya biyu yake zama. In tsakaninku lafiya ne, ka ce a sake turo maka, an gama. In rigima ce, sai ta hannun masu sulhu ko hukuma.

A wajen Kawu ba a ma bukace shi ba. Saƙo na farko ya nuna jika 800, rajistar kamfanin aika kuɗi ta nuna 500, ragowar lissafi ne da kowa zai iya. Da aka zauna gaban dattawan layinsu a kasuwa, wayar ɗansa aka miƙa da saƙon a buɗe, ba hotonsa ba, domin hoton allo kowa na iya ƙirƙirarsa, amma saƙo a cikin manhajarsa da lamba da rana ya fi wuyar musu. Mutumin ya duba ya ce shi mantuwa ya yi, aka sa masa ranar biya.

Kafin in mayar wa Kawu wayarsa na sa masa manhajar SMS Backup & Restore daga Play Store. Bambancinta da kwafin Google shi ne tana fitar da saƙonni a fayil mai ɗauke da kwanan wata, ana iya tara da yawa ba tare da sabo ya danne tsoho ba, ana iya buɗewa a karanta, kuma ana dawo da su ba tare da an wanke waya ba. Na saita ta tana yi duk mako tana aikawa ma'ajiyar Gmail ɗinsa, tunda rubutu ba ya cin data sosai. Kalmar sirrin Gmail ɗin da lambar buɗe allo kuma na sa ya rubuta su a bangon littafin da yake ajiye lissafin buhunansa a gida.